Naɗaɗɗiyar waya da waya biyu a jere: yadda lantarki ke ja da turewa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makanike ana fama da motar da ta ƙi tashi, ya ji wannan ƙarar ta "ƙas" idan an murza maɓalli. Ƙarar daga wata 'yar aba take fitowa a jikin kik-sitata, wadda makanikai ke kira solinoyid. In an farke ta ba wani abin mamaki a ciki: wayar jan ƙarfe ce aka naɗa zagaye da yawa a kan bututu, sai guntun ƙarfe a tsakiya. Da wuta ta bi wayar sai ta zuƙe ƙarfen zuwa ciki da ƙarfi, in wutar ta ɗauke ta sake shi.

A aji kuwa, malamin fiziks yakan koyar da solinoyid a darasi ɗaya, a wani darasin ya koyar da ƙarfin da ke tsakanin waya biyu da ke jere suna ɗauke da wuta. Ɗalibi ya haddace ƙa'idoji biyu, ya ɗauka ba abin da ya haɗa su. A ganina nan ne ake yin asara, domin magana ɗaya ce. Solinoyid ba komai ba ne illa wayoyi a jere da aka lanƙwasa suka zama zobba, kuma wanda ya gane waya ɗaya miƙaƙƙiya ya riga ya riƙe bakin zaren duka biyun.

Waya ɗaya tukuna

A shekarar 1820, a birnin Kwafanhagan na ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan aka kusanto da ita wayar da lantarki ke bi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne allurar ba ta nuna wayar, ba ta kuma juya mata baya. Gicciyewa take yi. In ka zagaya wayar da kamfas a hannu, za ka ga allurar tana bin da'ira, kamar zobe a yatsa. Wato filin maganaɗisun da waya ke haifarwa kewaye ta yake yi.

Hanyar gane inda ya nufa tana hannunka na dama. Ka kama wayar, babban yatsa yana kallon inda wutar ta dosa, sauran yatsun da suka naɗe wayar su ne ke nuna yadda filin ke zagayawa.

Labarin na isa Faris, André-Marie Ampère ya duƙufa a kansa, kuma ƙa'idar da ake kira da sunansa ita ce za ta yi mana aiki sau biyu a wannan bayani. Ga abin da take cewa cikin sauƙi. Ka zana kowace irin hanya rufaffiya a cikin iska, wadda ta koma inda ta faro. Ka bi ta taki-taki, a kowane taki ka ninka tsawon takin da ɓangaren filin da ke tafiya tare da kai, ka tara duka. Jimillar da za ka samu daidai take da yawan wutar da ta ratsa ta cikin hanyar taka, an ninka da wani adadi da ba ya canzawa, wanda ake rubutawa μ₀. Ƙimarsa 4π × 10⁻⁷ ce a ma'aunin tesla da mita da amfiya, inda tesla ke auna ƙarfin filin maganaɗisu, amfiya kuma yawan wuta. Wutar da ta wuce ta wajen hanyar ba ta shiga lissafi.

Ga waya miƙaƙƙiya, hanyar da ta fi sauƙi ita ce da'ira mai nisan r daga wayar. Filin ƙarfinsa ɗaya ne a ko'ina a kan da'irar, kuma tare da kai yake tafiya, tsawon da'irar kuma 2πr ne. Saboda haka, in muka kira ƙarfin filin B, wutar kuma I:

B × 2πr = μ₀ I, wato B = μ₀ I / (2πr)

Mu sa lamba a ciki don a ji nauyinta. Waya mai ɗauke da amfiya 10, a nisan santimita ɗaya, tana ba da tesla 0.0002, wato maikurotesla 200. Filin maganaɗisun duniya da kamfas ke bi yana tsakanin maikurotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake. To ka ga wayar ta rinjaye shi sau da yawa, shi ya sa allura ke juyawa. Amma ka ja da baya zuwa santimita goma, filin ya koma maikurotesla 20. Matsalar waya ɗaya ke nan: filinta rarrauna ne, yana watsewa, kuma ba ya tsayawa a ƙima ɗaya.

Abin da naɗi ke yi

Ka ɗauki wayar ka naɗa ta a jikin bututu, zobe kusa da zobe, har tsawon naɗin ya ninka faɗinsa sau da yawa. Ampère ne ya raɗa wa wannan siffa suna, daga kalmar Girkanci mai nufin bututu. Yanzu ka yi tunanin an tsaga bututun gida biyu a tsaye, kamar yadda ake tsaga rake. A gefen sama za ka ga jerin bakin wayoyi, wuta na fitowa ta wajenka a dukkansu. A gefen ƙasa wani jerin, wuta na komawa ciki. Kowace waya tana da nata zoben filin.

Tsakanin waya da maƙwabciyarta a jeri ɗaya, zobbansu suna cin karo: wannan yana hawa, wancan yana sauka, sai su kashe juna. A cikin bututun kuwa, filin jerin sama da na jerin ƙasa duk hanya ɗaya suka nufa, tare da tsawon bututun, sai su taru. A waje jerin sama yana cewa gabas, na ƙasa yana cewa yamma, sai abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan. Ba wai babu komai a waje ba. Layukan filin dole su fita ta baki ɗaya su kewayo su shiga ta ɗayan, amma a waje suna da sarari mai yawa da za su baje, a ciki kuwa an matse su a ƙunci. Gwargwadon tsawon naɗin, gwargwadon raunin filin waje.

Yanzu sai ƙa'idar Ampère karo na biyu. Wannan karon hanyar tamu mai kusurwa huɗu ce. Gefe ɗaya mai tsawon ℓ yana cikin bututun, yana bin tsawonsa. Gefen da ke fuskantarsa yana waje. Sauran gajerun biyu suna ratsa bangon naɗin. Gefen waje bai kawo komai ba, tunda filin can kusan babu. Gajerun biyu su ma ba su kawo komai ba, domin filin gicciye yake da su. Saura gefen ciki, wanda ya kawo B × ℓ. Wutar da ta ratsa hanyar kuwa, kowane zoben waya da ya faɗo cikin tsawon ℓ ya ratsa sau ɗaya. In akwai zobba n a kowace mita, sun zama nℓ, kowanne da wuta I. Sai ℓ ya faɗi a ɓangarorin biyu, a bar mu da:

B = μ₀ n I

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan ƙa'ida shi ne abubuwan da ba sa cikinta. Babu faɗin bututu. Ka naɗa a kan alƙalami ko a kan bututun ruwa, muddin zobban kowace mita da wutar ba su canza ba, kuma naɗin dogo ne, filin ɗaya ne. Babu kuma inda kake tsaye a ciki. Da mun matsar da gefen cikin hanyarmu kusa da bango ko zuwa tsakiya, lissafin ba zai canza ba, don haka filin bai ɗaya yake a duk faɗin bututun. Wannan daidaito shi ne dalilin da ya sa injin hoton asibiti na MRI yake da siffar rami da ake tura mara lafiya ciki: babban solinoyid ne.

A kula da ƙaramin n ɗin nan. Ba jimillar zobba ba ce, zobba ne a kowace mita. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa: ko su zuba jimillar zobban kai tsaye, ko su raba da tsawo a santimita su manta ba su mayar da shi mita ba, amsa ta kauce sau ɗari. In ka kama naɗi ka ja shi ya ninka tsawo, zobban suna nan yadda suke, amma filin ya ragu da rabi.

Mu naɗa guda mu gani

A ce muna da bututun roba mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 40, da wayar jan ƙarfe mai fenti irin ta masu naɗin injin nika da fanka, kaurinta rabin milimita. In aka jera ta ba rata, zobba biyu ke shiga kowace milimita, wato zobba 800 a tsawon bututun. Raba 800 da mita 0.4, n ya zama 2000. Mu tura amfiya 1.5.

B = 4π × 10⁻⁷ × 2000 × 1.5 ≈ 0.0038

Wato militesla 3.8. Ya kai kimanin ninki ɗari na filin duniya, zai murɗa kamfas nan take, zai kuma zuƙi allurar ɗinki in an kawo ta bakin bututun. Amma ba zai ɗaga guduma ba.

Littafin makaranta a nan yakan tsaya, mai naɗi kuwa a nan aikinsa ke farawa. Kowane zobe yana cin waya santimita 6.3, zobba 800 sun ci kusan mita 50. Wayar jan ƙarfe mai wannan kauri da wannan tsawo tana da turjiya kusan om 4.3. Don tura amfiya 1.5 ana bukatar bolt shida da rabi, kuma wat kusan 10 ne ke zama zafi a jikin wayar. Bayan 'yan mintoci za ka ji naɗin ya yi ɗumi sosai a hannu. Jan ƙarfe kuma in ya yi zafi turjiyarsa ƙaruwa take yi, sai wutar ta ragu, filin ya ragu tare da ita. Wanda ya auna filin da sanyi ya sake aunawa bayan rabin awa, zai ga bambanci, kuma ba ƙa'idar ce ta yi ƙarya ba.

Ga wani tarko da ke kama har waɗanda suka ƙware. Mutum ya ce bari ya ƙara naɗi na biyu a kan na farko don filin ya ninka. In yana da abin da zai riƙe wutar a amfiya 1.5, haka ne, n ya ninka, filin ya ninka. Amma in batir ɗaya ne yake amfani da shi, tsawon wayar ya ninka, turjiya ta ninka, wuta ta koma rabi. Zobba sun ninka, wuta ta rabu biyu, filin yana nan inda yake. Ribar da ya samu ita ce zafin ya ragu da rabi, batir zai fi daɗewa. In ƙarin fili yake so a kan batir ɗin nan, sai ya nemi waya mai kauri.

Sai batun kalmar "dogo". Ƙa'idar ta ɗauka naɗin ba shi da ƙarshe, alhali kowane naɗi yana da baki biyu. A daidai tsakiyar naɗi mai tsawon L da faɗin D, ainihin filin shi ne μ₀ n I an ninka da L / √(L² + D²). Namu tsawonsa ya ninka faɗinsa sau ashirin, gyaran bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ko sau goma ne, kuskuren rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Amma in tsawo da faɗi sun zo ɗaya, filin tsakiya kashi 71 cikin ɗari ne na abin da ƙa'idar ta ce. Guntun naɗi irin na cikin rilen mota bai cancanci a lissafa shi da B = μ₀ n I kai tsaye ba.

A bakin bututu kuwa, filin da ke kan layin tsakiya rabi ne daidai, kuma ana iya gane dalilin ba tare da lissafi ba. Ka ɗauki dogon naɗi, ka tsaya a tsakiyarsa. Rabin filin da kake ji daga zobban damanka yake zuwa, rabi daga na hagunka. A yanke naɗin a nan a jefar da ɓangaren hagu. Yanzu kana bakin naɗi, kuma rabin filin ne ya rage maka. Wanda ya ɗora na'urar awo a bakin naɗinmu ya ga militesla 1.9, kada ya ce naɗin ya lalace. Ya tura ta ciki tukuna.

Wannan raguwar ta bakin ita ce ma ke tayar da mota. Ƙarfe ba ya motsi a inda fili yake bai ɗaya, daga wurin rauni yake gudu zuwa wurin ƙarfi. Shi ya sa ake ajiye sandar ƙarfen solinoyid rabinta a waje, don a zuƙe ta ciki. Ƙarfen kansa kuma yana ƙara filin ninki mai yawa, domin ƙananan maganaɗisan da ke jikinsa suna jeruwa su bi filin naɗin. Sai dai yana da iyaka: wajen tesla 2 ƙarfe ya ƙoshi, ƙarin wuta ba ya ƙara wani abin kirki sai zafi.

To yaya injin MRI ke samun tesla 1.5 a rami mai faɗin da mutum zai shiga, ba ƙarfe a ciki? Da naɗinmu za mu yi, sai mun ninka wutar sau 400, ta kai amfiya 600. Zafi kuma da murabba'in wuta yake tafiya, zai ninka sau 160,000, wat 10 ya koma sama da wat miliyan ɗaya da rabi a cikin waya mai rabin milimita. Kafin ƙiftawar ido ta narke. Don haka ake yin naɗin waɗannan injuna da wayar haɗin niyobiyam da titaniyam, a sanyaya ta da ruwan hiliyam zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili, inda turjiyarta ke ɓacewa gaba ɗaya.

Waya biyu a jere

Mu koma wajen Ampère a 1820. Tunaninsa shi ne: in waya mai wuta tana motsa maganaɗisu, waya biyu masu wuta ya kamata su motsa juna ba tare da wani maganaɗisu a wurin ba. Ya gwada, haka kuwa aka yi. In wutar tana tafiya hanya ɗaya a duka biyun, suna jan juna. In ta saɓa, suna ture juna.

Ana bukatar ƙarin ƙa'ida ɗaya kawai. Waya mai tsawon L da wuta I, in tana gicciye da fili B, tana jin ƙarfi F = B I L, kuma ƙarfin gicciye yake da wayar da filin duka. Waya ta farko mai wuta I₁ tana haifar da fili μ₀ I₁ / (2πd) a inda ta biyu mai wuta I₂ take, a nisan d. Filin kuwa gicciye yake da waya ta biyu, tunda zobe yake yi. Sai a haɗa:

F / L = μ₀ I₁ I₂ / (2πd) = 2 × 10⁻⁷ × I₁ I₂ / d

Amsar tana fitowa a niyuton, ma'aunin ƙarfin ja ko turi, a kowace mita, in d yana mita.

Kan ɗalibi yakan ɗaure a nan, domin an koya masa cewa caji iri ɗaya ture juna suke yi, haka ma kawunan maganaɗisu iri ɗaya. Sai ga wuta mai hanya ɗaya tana jan 'yar'uwarta. Amsar ita ce wannan ba ƙarfin caji ba ne ko kaɗan. Wayar da wuta ke bi ba ta da rarar caji da za a ce wani abu, abin da ya shiga ta nan shi ya fita ta can. Motsin cajin ne ke aiki. Hanya mafi sauƙi ta tuna wa ke ja wa ke turewa ita ce duba tsakanin wayoyin. In wutar hanya ɗaya take, filayensu a tsakani suna kashe juna, a waje suna taruwa, sai ƙarfin waje ya matso da su wuri ɗaya. In ta saɓa, filin tsakani ne ke cunkushewa, sai ya buɗa su. Waya kullum daga wurin da fili ya yi yawa ake tura ta zuwa inda ya yi kaɗan.

Wani kuskuren kuma: a ce waya ɗaya na ɗauke da amfiya 100, ɗayar amfiya 1, sai mutum ya zaci babbar ta fi tura ƙaramar. Ƙarfin ɗaya ne a kansu. Babbar tana da fili mai ƙarfi amma wutar da take turawa kaɗan ce, ƙaramar filinta rarrauna ne amma ya samu wuta mai yawa da zai kama. I₁ I₂ ɗin nan ko ta ina ka ninka shi ɗaya ne.

Nawa ne ƙarfin a zahiri? Igiyar dutsen guga tana da waya biyu a ciki, ɗaya kai wuta ɗaya dawo da ita, don haka ture juna suke yi. A ce amfiya 10 ce, a ce kuma ratar santimita ɗaya ce don lissafi ya yi sauƙi. Ƙarfin niyuton 0.002 ne a kowace mita, nauyin kashi ɗaya cikin biyar na giram. Ba wanda zai taɓa lura da shi. Wannan ƙanƙantar ita ke sa mutane su ɗauka darasin na takarda ne kawai.

Amma wuta sau biyu ta shiga ƙa'idar. Ka je ɗakin rarraba wuta na masana'anta, inda sandunan jan ƙarfe ke jere da ratar santimita 10. In waya ta haɗu, wutar na iya kaiwa amfiya 20,000 na ɗan lokaci kafin na'urar kariya ta yanke. Lissafa: 2 × 10⁻⁷ sau 20,000 sau 20,000, raba da 0.1. Niyuton 800 a kowace mita, nauyin kilo 80 ke nan, buhun siminti ɗaya da rabi da ɗoriya, kuma ba a hankali ake ɗora shi ba, duka ne na farat ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure waɗannan sanduna da madogarai masu ƙarfi a kusa-kusa, ake kuma ɗaure manyan kebul da maƙalai a kan gadonsu. In aka buɗe allo bayan haɗuwar wuta aka tarar sanduna sun lanƙwashe ko madogaransu sun tsage alhali ba alamar narkewa a wurin, aikin wannan ƙarfin ne, ba na zafi ba.

Wutar gida mai juyawa ce, sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, amma wannan bai soke ƙarfin ba. Wayoyin biyu tare suke juyawa, saɓanin da ke tsakaninsu yana nan, don haka turewar ba ta komawa ja. Abin da take yi shi ne tashi da faɗuwa sau 100 a daƙiƙa, wanda ke girgiza duk abin da bai ɗauru da kyau ba.

Wannan ƙarfi ya daɗe yana riƙe da ma'aunin wuta kansa. Daga 1948 ma'anar amfiya ɗaya a hukumance ita ce wutar da, in ta bi waya biyu dogaye miƙaƙƙu masu ratar mita ɗaya a sararin da ba iska, za ta haifar da niyuton 2 × 10⁻⁷ a kowace mita. Daga nan μ₀ ya samo ƙimarsa mai 4π. A ranar 20 ga Mayu 2019 aka sauya, aka ɗora amfiya a kan cajin ilektaron. Tun daga ranar μ₀ ya zama abin da ake aunawa, ko da yake bambancinsa da tsohuwar ƙimar ya yi ƙanƙantar da ba ya taɓa lissafin aji ko na masana'anta.

Mai son gani da idonsa zai iya yanko siraran zirin takardar alminiyam guda biyu, irin ta naɗe abinci, kowanne rabin mita, ya rataye su sako-sako da ratar milimita biyar. Ya haɗa ƙasansu, ya kai saman ɗaya ga kan batir, saman ɗayan ga ɗaya kan, da ƙwan fitilar mota a kan layin don ya tsare yawan wutar. Kada a haɗa batirin mota kai tsaye ba ƙwan, takardar za ta ƙone a hannu. Da amfiya kamar biyar, za a ga zirin sun buɗe kaɗan duk lokacin da aka taɓa, sun koma in an sake. Sai dai filin duniya shi ma yana tura kowane ziri, kuma iskar ɗaki tana kaɗa su. Hanyar tantancewa ita ce a juya kawunan batir. Turin filin duniya zai juya, amma turin da ke tsakanin zirin biyu ba zai juya ba, tunda wutarsu duka ta juya tare.

Inda suka haɗu

Yanzu a sake duba naɗinmu da wannan ido. Kowane zobe da na kusa da shi waya biyu ne a jere, wuta hanya ɗaya, don haka jan juna suke yi: naɗin yana son ya tsuke a tsawonsa. Gefen sama na zobe da gefensa na ƙasa kuwa wutarsu ta saɓa, suna ture juna: naɗin yana son ya kumbura a faɗinsa, kamar tiyo da ruwa ya cika. Tsohon gwajin da ake dangantawa da Peter Mark Roget yana nuna na farkon. Ana rataye sassauƙan naɗi bakinsa na ƙasa yana taɓa zaiba a kofi. Wuta ta bi, naɗin ya tsuke, bakinsa ya fita daga zaibar, wuta ta yanke, ya saki ya sake taɓawa, haka zai yi ta tsalle.

Kumburin yana da ma'auni mai sauƙi. Filin da ke cikin naɗi yana danna bangonsa da matsi B² / (2μ₀). Ga namu mai militesla 3.8, kusan 6 ne a ma'aunin matsi na faskal, wajen nauyin giram ɗaya ke nan a kan fili mai faɗin akwatin ashana. Ko zaren ɗinki ya isa ya riƙe shi. A tesla ɗaya matsin ya kai kusan ninki huɗu na matsin iskar da muke ciki, ya wuce na tayar ƙaramar mota.

A cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan akwai solinoyid na wata babbar na'urar gano ƙananan ƙwayoyin zarra da ake kira CMS, tsawonsa kusan mita 13, faɗin raminsa mita 6, wutarsa wajen amfiya 18,000, filinsa tesla 3.8. Ninki dubu ke nan daidai na naɗin da muka yi a kan bututun roba. Matsin kuwa da murabba'i yake hawa, ya ninka sau miliyan, ya kai kusan ninki 57 na matsin iska a kan kowane ɓangare na bangon. Saboda haka wayarsa ba zallar mai ɗaukar wuta ba ce, an haɗe ta da alminiyam mai tauri don ta riƙe kanta kada ta buɗe.

Haka abin yake a taransifomar unguwa, a ƙaramin sikeli. Naɗi biyu ne a ciki, ɗaya a cikin ɗaya, kuma wutarsu saɓa wa juna take yi. In layin da ke fita ya haɗu, na waje yana neman fashewa waje, na ciki ana matse shi a kan ƙarfen tsakiya. Kowace haɗuwa tana ɗan sassauta ɗaurin naɗin, tana goge takardar da ke raba zobe da zobe, ko da taransifomar ta dawo aiki kamar ba abin da ya faru. Ranar da takardar ta huje, zobba biyu suka taɓa juna, sai a ji ƙara a unguwa wuta ta ɗauke, masu gyara su buɗe su tarar da naɗin ya karkace daga mazauninsa.